Gargaɗi: masu cewa za su karɓo maka kuɗin wasan waya

Jama'ar Sakkwato, a yi hattara da masu kiran kansu "ma'aikatan mayar da kuɗi". Satin da ya wuce suka yashe asusun ƙanena a Mabera, har yanzu raina bai huce ba.

Daren Talata ya biya naira 6,500 da katinsa na banki ta Google Play don sayen tsabar zinare a cikin wani wasan waya. Banki ya cire kuɗin, zinare bai shigo ba. Maimakon ya zo wurina, sai ya kai kukansa rukunin WhatsApp na abokan wasansa. Ba a yi awa ɗaya ba wani ya biyo shi ta gefe, da tambarin wasan a hotonsa, yana Hausa tiryan-tiryan. Ya fara da neman naira 2,000 "kuɗin fam", yaro ya tura. Sai ya ce a ba shi lambobin gaban kati, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya, wai don a san inda za a zuba kuɗin. Daga ƙarshe ya ce wata lamba za ta shigo, a karanto masa da sauri kafin ta mutu.

Naira 38,000 suka fita nan take. Da safe ya shigo jiki a sanyaye: "Yaya, wanga mutum fa ya toshe ni." Na karɓi wayar na buɗe saƙon OTP ɗin, wato lambar da ya karanta wa mutumin. A rubuce yake ƙarara cewa lambar ta biyan kuɗi ce, kuma kada a ba kowa. Ido ya rufe, bai karanta ba.

Abin da bai sani ba shi ne, kuɗin da aka biya ta Google Play ta hanyar da suka fita suke komawa. Katin da ka biya da shi yana cikin rajistarsu tun ranar ciniki, don haka babu abin da zai sa a sake tambayar ka lambobinsa. Neman a mayar da kuɗi kyauta ne. OTP kuwa ta fitar da kuɗi ce, ba a buƙatarta don kuɗi su shigo maka. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ɓarawo ne, ko da yana yi yana rantsuwa.

Mun fara zuwa banki aka toshe katin, muka rubuta ƙorafi. Sannan muka koma kan 6,500 ɗin. A cikin imel ɗinsa muka samo rasidin cinikin, mai lamba da ta fara da GPA. Wannan lamba ita ce shaidarka. Muka buɗe play.google.com da asusun da ya yi sayayyar, muka shiga jerin abubuwan da ya saya, muka danna inda ake neman mayar da kuɗi a gaban cinikin, muka bayyana cewa an biya amma kaya bai iso ba. Safiyar Alhamis ce, awa 48 ba su cika ba, kuma lokacin nan shi ne gishirin maganar. Idan ka nema cikin awa 48 da yin cinikin, Google kan duba buƙatar da kansa. Idan sun wuce, galibi sai dai ka rubuta wa kamfanin da ya ƙera wasan, ta adireshin imel da ke shafin wasan a Play Store, ka haɗa da lambar GPA da hoton allon wayarka. Idan kuwa wasan kansa ka saya ya ƙi buɗewa, a cikin awa 2 na farko za ka ga maɓallin Refund a shafinsa. Amma sau ɗaya ake yi. In ka sake sayen wasan, babu mayarwa. Masu iPhone nasu wurin shi ne reportaproblem.apple.com.

Washegari aka amince. Kuɗin kati sukan ɗauki kwana 3 zuwa 5 na aiki, wani lokaci har 10, kuma a wannan jiran ne mutum kan ƙosa ya faɗa hannun 'yan damfara. Nasa sun shigo Larabar da ta biyo baya.

Akwai kuma masu tallar zinaren wasa da araha, su ce ka tura kuɗi asusunsu tare da lambarka ta wasa. Wannan ciniki bai bi ta Play Store ba, ba shi da rasidin GPA, saboda haka Google ba shi da abin da zai mayar maka in sun gudu.

Naira 40,000 ɗin da ɓarawon ya kwashe dai, banki ya ce yana bincike. Lambar wayarsa a kashe take tun ranar, amma wani abokin ƙanena a Arkilla ya nuna min irin saƙon sak, daga wata sabuwar lamba.