CT ko MRI: Me Ya Sa Likita Ke Zaɓar Ɗaya?

Idan aka kawo mara lafiya bakinsa ya karkace ba zato, alamar shanyewar ɓarin jiki, likita yakan fara neman hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da hasken X-ray, domin cikin mintuna kaɗan yake nuna zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma sai an tabbatar babu ita ake ba da maganin narkar da gudan jini. Amma kada rahoton da ya ce babu komai ya kwantar da hankali, saboda toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa takan ɓuya wa CT a sa'o'in farko.

MRI, wani nau'in hoton cikin jiki, yana gano ta da wuri, har da ƙananan ƙari, kuma maganaɗisu yake amfani da shi maimakon hasken X-ray. Sai dai yakan ɗauki kusan minti 30 ba motsi, kuma wajibi ne a tantance mai na'urar bugun zuciya kafin ya shiga.