Na biya kuɗin fassarar baya a kan kwantiragin Yamai: ta kama ɗaya, ta saki ɗaya

Ofishin fassarar da na kai wa kwantiragina a nan Kano su suka kawo shawarar a yi fassarar baya, kuma da farko na ɗauka hanyar ƙara cin kuɗi ce, don ta kusa ninka farashin. Kayan roba za mu sayar wa wani kamfani a Yamai, na sefa miliyan 30. Lauyanmu ya rubuta da Turanci, su kuma suka ce da Faransanci za su sa hannu, ni ko ba na jin Faransanci.

Yadda ofishin ke yin fassarar baya shi ne mutum ɗaya ya juya Turancin zuwa Faransanci, sai a miƙa wa wani daban Faransancin kaɗai ya mayar da shi Turanci. Sharaɗin shi ne kada na biyun ya ga takardar asali, domin in ya gani zai kwaikwayo kalmominta ne, kuskuren ya ɓuya. Daga nan aka turo min jadawali, sakin layin lauyanmu a hagu, wanda ya dawo a dama.

A sashen biyan kuɗi na ga abin da ya sa gabana ya faɗi. Mun rubuta cewa za su ba da kafin alƙalami na kashi 40 cikin ɗari, ragowar kashi 60 kuma su biya cikin kwana 14 daga ranar da aka yi lodi, wato ranar da ke kan takardar rakiyar kaya. Abin da ya dawo ya ce kwana 14 daga ranar da mai saye ya karɓi kaya. Duk wanda ya taɓa tura tirela ta Jibiya da Ɗan Isa, ta bi Maraɗi, Ƙonni, Doso har Yamai, ya san tazarar da ke tsakanin lodi da karɓa ba a hannun mai kaya take ba. Mun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Da irin haka ta ritsa da motarmu, sefa miliyan 18 za su zauna a wurinsu ba tare da an fara ƙirga ko kwana ɗaya ba, kuma takardar da na sa wa hannu ce za ta kare su. Mai fassarar ya ce ya bi salon da aka saba gani a kwantiragin Faransanci ne. Suka gyara a ranar, ba gardama. A lokacin, wallahi, na ji kuɗina ya halatta.

Amma raina ya ɓaci daga baya, kuma har yanzu bai gama hucewa ba. Akwai sashen da ya ɗora mana yin lodi cikin kwanakin aiki 20 bayan shigar kafin alƙalami, da tarar rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kayan a kowace ranar jinkiri. A jadawalin hagu da dama sun dace tsaf, har sun sa masa alamar ba matsala. Wani abokin kasuwancinmu ɗan Damagaram ne ya karanta Faransancin ya tambaye ni: “Alhaji, kuna aiki ran Asabar a masana'anta?” Ashe Faransanci na da lafazi biyu. Jours ouvrés na nufin ranakun da ake aiki, galibi Litinin zuwa Juma'a, jours ouvrables kuma ya haɗa da Asabar. Na biyun aka sa mana, alhali duka biyun in an mayar da su Turanci suna iya fitowa iri ɗaya. Ka fara ƙirga daga Litinin: a lissafinmu wa'adi zai cika Juma'ar mako na huɗu, a nasu kuwa Talata. Kwana uku ke nan, tarar sefa 450,000.

Da na koma ofishin fassarar, sai suka ce fassarar baya ba ta iya kama irin wannan, tunda abin da ya ɓace a tafiya ya sake ɓacewa a dawowa. Gaskiya ne, amma me ya hana a faɗa min tun kafin in biya? Da sun umarci mai fassara na biyun ya yi fassara ta kalma da kalma, ya sa bayani a duk inda lafazi ke ɗaukar ma'ana biyu, da an gani. Shi kuwa ya goge Turancinsa ya yi sumul. Sannan suka nemi ƙarin kuɗi a kan gyaran, na ƙi.

Yanzu mun rubuta ranakun da sunansu, Litinin zuwa Juma'a ban da ranakun hutun gwamnati a Najeriya, muka ƙara layin da ya ce in harsunan biyu suka saɓa, Turancin ne abin dogaro. Zan sake biyan fassarar baya, amma a sassan kuɗi, wa'adi da tara kawai, kuma sai lauya mai jin Faransanci ya karanta kafin in sa hannu. Tauraro uku na ba ofishin fassarar.