Gargaɗi ga masu adashi da kofaretif a Jos: mai ribar kashi 20 duk wata yana yawo

Salam jama'a. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar tanadi ta ƴan kasuwa a nan Jos, mu sittin ne, yawanci masu kayan gwari a Farin Gada sai ƴan hatsi kaɗan daga Katako. Jiya Asabar muka yi taron wata, wasu suka ce in rubuta abin da na faɗa saboda mutumin da ya zo mana an ce ya fara bin ƙungiyoyin Bukuru ma. Ba zan kama suna ba, amma in ya zo muku za ku gane shi daga maganarsa. Ga abin da na ce.

Iyayena da yayyena da ƙannena, kun san a asusunmu yanzu akwai naira miliyan 6, guminmu ne na shekara uku. Bawan Allahn nan ya ce mu ba shi duka, wai kamfaninsu na canjin kuɗi ne ta intanet, zai riƙa ba mu kashi 20 cikin ɗari duk wata kuma uwar kuɗi tana nan ba abin da zai taɓa ta. To mu yi lissafi tare. Kashi 20 na miliyan 6 miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. Ko bai sayi komai ba bai sayar da komai ba, ya ajiye kuɗin a ƙarƙashin katifa kawai, zai iya biyan mu wata biyar cur daga cikin kuɗinmu, muna ganin alat muna ta sa masa albarka alhali namu yake gutsuro mana. Kuma ba zai bari a kai wata biyar ɗin ba, a wata na biyu ko na uku zai ce me zai hana ku bar ribar a ciki ta hayayyafa, mu kuma mun riga mun saki jiki, wannan ta kawo kuɗin gonarta wancan ya jawo surukinsa, ranar da masu cirewa suka fi masu zubawa yawa ranar za a ce manhaja ta samu matsala a yi haƙuri sati biyu.

In da gaske ne ana barin ribar tana hawa kan uwar kuɗi, miliyan 6 ɗin nan a shekara ɗaya sai ta haura miliyan 53. Baba Alhaji, shekara nawa kana sayar da dankalin turawa, ka taɓa ganin kasuwar da ke ninka jari kusan sau tara kuma ba watan faɗuwa ko ɗaya? Wanda ke da irin wannan hanya banki zai je ya ci bashi, me zai kawo shi wurin masu tumatir.

Kuma ai mun gani. MMM ta ce kashi 30 a wata, Disamba 2016 ta rufe asusun mutane ana dab da Kirsimeti. CBEX ta ce ninki a kwana 30, Afrilu 2025 ta kife, har aka ce wa mutane su ƙara biyan wani kuɗi wai na tantancewa kafin su cire nasu. A ɗakin nan akwai waɗanda abin ya shafa, ban faɗa don in tuna wa kowa ciwo ba.

Ya nuna mana satifiket na CAC a cikin firem, wasu suka ce ai ga shi gwamnati ta san da su. Takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi rajistar sunan kamfani, mai shagon ɗinki ma yana da ita. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a ya juya musu sai da rajistar SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, kuma a shafinta sec.gov.ng akwai jerin kamfanonin da ta yi wa rajista da irin aikin da ta yarje wa kowanne. Ni da sakatare mun duba, sunansu babu. Na ce ya ba ni lambar akawun ɗin da za mu tura, wallahi sai ga sunan mutum ɗaya ya fito, ba sunan kamfani ba. Na ce ya rubuta mana me ake saya me ake sayarwa, ya ce sirrin kasuwanci ne, kuma Juma'a za a rufe karɓa. Sannan ya ja ni gefe ya ce in na shawo kanku akwai kashi 5 nawa, dubu ɗari uku ke nan. Wannan ne ya fi ɓata min rai, shi ya sa nake faɗa a gabanku, don in ni ya yi wa tayi to zai yi wa wani ma.

To Hajiya ta yi tambaya mai kyau, ta ce mu bar kuɗin a kwance ke nan tsadar kaya tana cinye shi? A'a. Shawarata mu raba shi uku.

Miliyan 2 ya zauna a banki da sunan ƙungiya don rancen mambobi da lalura, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa kafin kobo ya fita. Ku sani ko banki yana mutuwa, an soke lasisin Heritage a Yuni 2024. Bambancin shi ne akwai inshorar NDIC, har miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a maikurofainans. Shi ya sa ban so mu tara fiye da haka a wuri ɗaya.

Miliyan 3 mu sa a takardun gwamnatin tarayya da DMO, ofishin kula da basussukan gwamnati, ke fitarwa. Akwai bon ɗin tanadi da ake sayarwa duk wata, daga naira dubu 5, na shekara biyu ko uku, ana biyan kuɗin ruwa duk wata uku. Da yake da yawanmu ba ma cin ruwa, ni Sukuk na fi so, wanda aka fara a 2017, kuɗin ana aikin hanyoyi da shi, abin da ake ba mu kuɗin haya ne sau biyu a shekara, daga dubu 10 ake saya. Amma ku ji illarsa tun yanzu kada gobe a ce ma'aji ta ɓoye. Na shekaru ne masu yawa, bakwai ko goma, ba kullum ake fitar da sabo ba, in muka matsu muka sayar kafin lokaci ta hannun dillalin hannun jari farashin zai iya yin ƙasa da yadda muka saya, kuma ribar shekara guda ba lalle ta kamo tashin farashin kaya ba. Dillalin ma sai mun ga sunansa a jerin SEC, takardun kuma su fito da sunan ƙungiya ba sunana ba.

Sauran miliyan ɗaya mu sayi masara da kaka mu ajiye, sana'ar da muka sani ce, buhu ana ƙirga shi da ido, makulli biyu a hannun mutum biyu. Ita ma tana faɗuwa, ƙwari su shiga ko farashi ya karye, shi ya sa na ba ta kaso mafi ƙanƙanta.

An ɗaga hannu, 47 suka yarda, wasu suka yi shiru, mutum huɗu suka ce za su kai masa nasu na kansu, har yanzu ina bin su a waya ina roƙo. Dan Allah in kana cikin wata ƙungiya a Bukuru ko Anguwan Rogo ko Tamina, ya zo muku da firem ɗinsa, ku ce ya ba ku lambar akawun ku duba sunan da zai fito kafin a ci gaba da magana, in an riga an tura kuma ku adana rasit da hirarku ta waya ku kai ƙara SEC ko EFCC tun akawun ɗin yana da kuɗi a ciki.