Ƙirga kalmomi ko karantawa da murya: wanne ke gyara jimlolin da suka zama iri ɗaya?

"Assalamu alaikum. Na rubuta labarin masar da muka ci a Wunti, cikin garin Bauchi, da na karanta sai na ji duk jimlolin amonsu ɗaya. Wata ta ce in ƙirga kalmomi in riƙa haɗa doguwa da gajeriya, wani ya ce in karanta da ƙarfi kunnena zai gaya mini. Wanne zan bi? Ga sakin layin: Mun isa Wunti da ƙarfe bakwai na safe. Mun tarar da mai masa ta hura wuta. Mun zauna a kan benci muna jiran layi. Mun ga tana zuba ƙullu a cikin tanda. Mun ci masa da miya har muka ƙoshi."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na gwada duka biyun a kan sakin layin naki, ga abin da kowacce ta haifar.

Na fara da ƙirga. Jimlolinki 5 ne, kowacce kalma 8 cif, wato 8, 8, 8, 8, 8. A nan ƙirga ta yi rana, domin ta nuna ciwon a fili cikin minti guda, ba tare da gardama ba. Idan kika jera lambobin jimla 5 ko 6 a bakin takarda kika ga tazararsu ba ta wuce kalma 2 ba, to akwai wurin dubawa. Sai dai ga abin da ke fitowa idan aka ce da ƙirgar kaɗai za a yi gyara, a liƙa wasu a datse wasu:

"Mun isa Wunti da ƙarfe bakwai na safe kuma mun tarar da mai masa ta hura wuta. Mun zauna. Mun ga tana zuba ƙullu a cikin tanda kuma mun ci masa da miya har muka ƙoshi."

Lambobi sun koma 17, 2, 17. A ido an samu bambanci. Amma karanta ki ji, amon nan yana nan daram, har ma ya ƙara nauyi, saboda "kuma" ɗin da aka cusa ɗinki ne kawai, bai nuna wane abu ne ya riga wane ba, bai nuna wanne ya jawo wanne ba. "Mun zauna" kuwa ta samu gajarta ne don ana neman ƙaramar lamba, alhali ba ta ɗauke da wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa.

Daga nan na tashi tsaye na karanta naki na asali da murya, kamar ina ba wa wani labari a tsakar gida. Abin da ya fara dukan kunnena shi ne "mun" ɗin nan sau 5 a bakin kowace jimla, tun kafin in lura da tsawo. Kuma a nan, a ganina, ainihin matsalar take, domin abu ne na Hausa kanta. "Mun isa", "mun tarar", "mun ci", kowacce rahoto ce mai zaman kanta, ta buɗe ta rufe, irin amsar da za ki bayar in an tambaye ki ko kun ci abinci. Bahaushe in yana ba da labari ba haka yake jero abubuwa ba. Yakan kafa lokaci sau ɗaya, daga nan ya koma "muka", "suka", "aka": muka isa, muka tarar, muka zauna. Wannan siga ita ke riƙe hannun jimlar da ke gabanta. Ki saurari kowace tsohuwa tana ba da labarin tafiyarta, za ki ji da "muka" take tafiya, sai ta zo yanke magana ne "mun" kan dawo. Ƙirga ba ta iya ganin wannan, don "mun" da "muka" duk kalma ɗaya ce a lissafi.

Ga yadda ya koma da na bi kunne:

"Ko da muka isa Wunti da ƙarfe bakwai na safe, mai masa ta riga ta hura wuta, mutane kuma sun yi layi. Sai zaman benci. Tana ɗebo ƙullu da ludayi tana zubawa a tanda gurbi-gurbi, kafin ta kai gurbin ƙarshe masar farko ta yi ja, sai ta sa cokali ta juya ta. Da layi ya zo kanmu, ba wanda ya sake magana."

Na ƙirga bayan na gama: 22, 3, 27, 10. Ban nemi waɗannan lambobi ba, ma'ana ce ta kawo su. Jimlar farko ta yi tsawo ne saboda "ko da" ta ɗaure isowarku da abin da kuka tarar a lokaci guda. Ta biyu ta gajarta saboda jira ba shi da motsi, ba abin da za a faɗa a kansa. Ta uku ita ce mafi tsawo, kuma ita na fi so, domin hannun mai masa ba ya tsayawa, don haka jimlar ma ba ta tsaya ba sai da masa ta juya. Da an sa aya a tsakiyarta, an katse aikin da ido ke bi. Ki lura kuma da inda "kuma" ta zauna: "mutane kuma sun yi layi", bayan sunan, inda baki ke ajiye ta. (Ludayin da cokalin ni na ƙara daga abin da na saba gani wajen masu masa a Bauchi. Ki sa abin da idonki ya gani a ranar, shi zai fi zama daidai.)

Kunne ma yana da inda yake gazawa. Rubutun da kika maimaita sau da yawa bakinki ya haddace shi, zai riƙa gyara shi da kansa, ya ja numfashi inda babu waƙafi, ya ƙara daɗin da ba ya kan takarda. Maganinsa ki miƙa wa wadda ba ta taɓa gani ba ta karanta miki, ke kuma ki riƙe biro. Inda numfashinta ya ƙare kafin aya, jimlar ta yi yawa. Inda muryarta ta sauka iri ɗaya sau 3 a jere, ki ja layi. Haɗari na biyu shi ne a gudu daga "mun" a faɗa "sai": sai muka zauna, sai ta zuba, sai muka ci. Wannan ma amo ɗaya ne, ya dai canza riga, kuma kunne yakan yafe shi don ya saba jin sa a hira. A nan ƙirga ke dawowa da amfaninta, amma ta wata fuska: ki zagaye kalmar farko ta kowace jimla, ki ga sau nawa ta maimaitu. A gyararren sakin layin, mabuɗan su ne ko da, sai, tana, da.

Don haka ni da ƙirga nake gano wurin, da kunne nake gyarawa, in sake ƙirga mabuɗan jimla a ƙarshe. In kuma gaba za ki rubuta yadda ake haɗa ƙullun ne, a jiƙa shinkafa, a markaɗa, a bar shi ya tashi, to ki bar waɗannan jimlolin da tsawonsu ɗaya, domin mai karanta su hannunta na cikin aiki, mataki take nema ɗaya bayan ɗaya.