Fostar shagona: ni na fito fes, atamfata ta canza kala

Jama'a duk wanda zai ba da aikin fostar shago ya karanta wannan tukuna. Kafin sallah na ba wani yaro mai haɗa hoto a kwamfuta aikin tallar shagona a Kwari, irin wadda kuka saba gani, hotona a gefe, atamfa da shadda a jere, a cire bangon shago a sa wani mai kyau a baya. Biyu muka yi da shi, ta sitatus da bana ƙafa 3 da ƙafa 5 ta bakin shago, kuɗin kuma kun san yadda suke karɓa, ban ma yi ciniki ba.

Gaskiya da ya turo farko na ji daɗi sosai. Yaron ya iya yanka hoto, hulata zanna ce kuma bai ci gefenta ba, gemuna ma ya fito da gashinsa, babu wannan farin layin da ke zagaye kafaɗar mutum a gane ɗora shi aka yi. Shi ya ce in turo hotunan ta Document a WhatsApp don kar su matse su dushe idan an buga babba, kuma ya sa wa turamen inuwa a ƙasa sai suka zauna daram. A ranar na ɗora a sitatus har na tura wa maƙwabcina lambarsa.

To ga inda matsalar take. Bangon da ya zaɓa ruwan gwal ne mai haske, wai don ni da kayan da bangon mu zama abu ɗaya sai ya bi duka fostar da filta mai rawaya-rawaya. Fuskata ta yi kyau ba ƙarya, amma kayan fa? Akwai wata atamfa shuɗiya sararin samaniya mai fulawa ruwan hoda, ita ce a sama don ita ke tafiya. A fostar shuɗin ya koma wajen tsanwa, ruwan hodar ya koma kamar ruwan lemo. A waya ba kowa zai kula ba sai ya ajiye turmin a gefe.

Wata Hajiya kwastomata ta gani a sitatus, ta ce ita take so ankon bikin 'yarta, turmi 15, ta turo kuɗi ta aiko direba. Da yamma sai ga kira, "Alhaji wannan ba ita ba ce, ni mai koren nake so." Na ce Hajiya wallahi ita ce, babu mai kore a zanen nan. Ashe har ta tura hoton a gurup ɗin dangi an yi ashobin gwaggwaro a kan kalar. Kaya suka dawo, na mayar da kuɗi, na biya na mota, kuma abin da ya fi min ciwo yadda ta ce "ban san ka da haka ba." Shekara da shekaru muna ciniki da baiwar Allah nan ba ta taɓa dawo min da ko yadi ba.

Da na sami yaron sai ya ce laifin masu buga bana ne, wai injinsu CMYK ne, mai haɗa tawada kala huɗu, shi ke kashe shuɗi. Na san tawada ba ta ba da hasken waya, mai injin ma ya faɗa min shuɗi mai haske yakan ɗan dushe a bana, amma wadda Hajiya ta gani ai ba ta je inji ba. Na nuna masa farar shaddar da ke ƙasan fostar, fara ƙal a shago, a aikinsa ta zama ruwan madara. Nan ya yi shiru. Duk wanda aka kawo wa fosta ya fara duba farin abu a ciki, in farin ya gurɓata to sauran kalolin ma sun tafi.

Ya gyara ta sitatus ɗin, ya bar filtar a bango da hotona kawai ya cire ta daga kan kayan, minti kaɗan, wato tun farko abu ne mai sauƙi. Banar kuma wai sai na sake biyan kuɗin bugu. Kuma tunda ana maganar banar, lambar wayata ya rubuta ta da ruwan gwal a kan ruwan gwal, ƙanana, daga tsallaken layi ba mai iya karantawa, sunansa da ya liƙa a ƙasa ya fi lambata fitowa, wannan ma ya ɓata min rai sosai.

Na sauke banar tana naɗe a ƙarƙashin kantar shago. Hoton mutum dai ya iya, amma kayan yadi ba zan ƙara ba shi ba, kuma duk wanda zai min wata sai an buga ɗan guntu na kara da turmin da rana a waje kafin in cika kuɗi. Maƙwabcin nawa ma na kira shi na ce ya dakata.