Timeline na Google ko Significant Locations na ayifon: wanne zai dawo maka da tafiyar da ka manta?

Tambayar ɗan uwa: "Na je Kaduna daga Kano wata biyar da suka wuce, yanzu ofis na neman ranar tafiya da wuraren da na tsaya. Ina da Tecno da ayifon. A wace zan duba, kuma me suka ajiye a kaina?"

Malam, fara da Tecno ɗin. Buɗe Google Maps, taɓa hotonka a sama, ka shiga Your Timeline, ka zaɓi watan da ranar. Idan a kunne yake lokacin tafiyar, zai shimfiɗa maka ranar tamkar littafin direba: ƙarfe nawa ka tashi, a mota ko a ƙafa, kilomita nawa, minti nawa ka yi a kowane zango.

Ni ma na taɓa bin diddigin irin wannan tafiya tawa. Ya nuna na bar gida bakwai da kwata, layi ya bi titi ta Kura har Kwanar Ɗangora. Daga nan sai ya miƙe samɓal kamar an ja shi da rula, bai sake lanƙwasa ba sai Zariya. A lokacin na tuna cajina ya ƙare a hanya, sai da muka tsaya cin abinci na jona. Duk inda ka ga layi ya ratsa daji a miƙe, wayar ba ta ɗauki komai ba a tsakani, ɗigo biyu kawai aka haɗa, don haka kada ka dogara da kilomitan wannan yankin. Sunan wuri ma zato ne. A Kawo ya ce na shiga wani shago, alhali masallacin da ke gefensa na shiga. Lokacin da ya rubuta daidai ne, sunan ne na gyara da hannuna.

Inda nake jiye maka shi ne wata biyar ɗin nan. A ƙarshen 2023 Google ya sanar da mayar da Timeline cikin wayar kanta, shi ya sa ba ka ganinsa a kwamfuta yanzu. Wanda ya kunna shi sabo kuwa, an saita masa ya riƙa goge abin da ya wuce wata 3, sai in shi ya canza zuwa 18 ko 36, ko ya hana gogewar. Haka in ka canza waya ba tare da ka kunna ajiyar Backup ba, tarihin bai biyo ka ba.

Ita ayifon nata lissafin daban. Hanyar ita ce Settings > Privacy & Security > Location Services > System Services > Significant Locations, kuma sai ta nemi fuskarka ko lambar sirri. Abin da take tarawa wuraren da ka saba zuwa ne, gida da ofis da makamantansu, don ta riƙa hasashen inda za ka. Ba ta zana hanya rana-rana, sababbin ayifon ma taƙaitaccen bayani kaɗai suke nunawa da 'yan wuraren baya-bayan nan. A wajen sirri ta yi kyau, domin Apple ya ce a kulle bayanan suke, shi kansa ba ya iya karantawa. Amma a aikin da ke gabanka, da wuya ta ba ka abin rubutawa.

In duka biyun sun ba ka kunya, koma kan hotuna. Buɗe hoton da ka ɗauka a tafiyar, ka ja shi sama: rana da lokaci za su fito, har da taswira in ka ba kyamara izinin wuri. Hoton da aka turo ta WhatsApp yawanci an cire masa wannan, na asali za ka nema. Haɗa da alat ɗin banki na man da ka sha, ranar za ta fito.

Kan abin da aka ajiye a kanka, akwai wurin da mutane ke mantawa. Kashe Timeline ba ya nufin Google ya daina sanin inda kake, binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna haka tun 2018. Shiga myactivity.google.com ka duba Web & App Activity. Nan za ka tarar da abin da ka nema a taswira, da ranar, wani lokaci har da unguwar da kake sa'ad da ka nema. In ka rubuta "Kawo" a Maps da safen nan, yana iya kasancewa a can ko da Timeline ya goge. Kamfanin layinka ma yana da bayanin turakun sabis da wayarka ta kama, sai dai wannan ba ya cikin wayar, ba kuma za ka iya buɗe shi da kanka ba.

Shawarata, kada ka miƙa wa ofis wayar ko dukan tarihin, domin gidanka da asibitin da ka je duk suna ciki. Ɗauki hoton allo na ranar tafiyar kaɗai, ka yanke farkon layin da ya nuna ƙofar gidanka, sannan ka tura.