Adireshin firinta: a rubuta a jikinta ko a ware mata a rauta?

"'Yan uwa, duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kwamfutocin shagona sai su daina ganin firinta. An ce in ba ta adireshin dindindin. A jikinta zan sa ko a rauta?"

Malam, ka sa a rauta.

Rauta aron adireshi take bai wa kowace na'ura ta hanyar DHCP. A rautocin TP-Link da dama, daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199 take rabawa. In wuta ta dawo, wanda ya riga haɗuwa yana iya karɓar lambar da firinta ke riƙe da ita jiya, kwamfuta kuwa tana can tana nemanta a tsohon gida.

In ka rubuta lamba da hannu a jikin firinta, ba za ta sake tambayar rauta ba, amma ita ma rauta ba ta san an yi ba. Ka ce ka zaɓi 192.168.0.105: wata rana za ta iya miƙa wa wayar kwastoma wannan lambar, su biyun su yi karo, bugu ya tsaya. Dole ka zaɓi ta wajen layin rabo, kamar 192.168.0.50, ka cike Subnet Mask da Gateway daidai. Ranar da ka sauya zuwa rauta mai 192.168.8.1 kuma, firinta ta ɓace gaba ɗaya sai ka koma kan maɓallanta.

Warewa a rauta ba ta da wannan wahalar, don mai rabon ne da kansa ke ajiye lambar. Ka shiga shafin rauta ta 192.168.0.1 a burauza, ka nemi Address Reservation a ƙarƙashin DHCP, ka sa lambar MAC ta firinta, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, da adireshin da kake so, misali 192.168.0.110. Ka bar firinta a kan Automatic, ka kashe ta ka kunna, sannan ka gwada daga kwamfuta:

```
ping 192.168.0.110
```

In ta amsa, ka sake haɗa firintar a kowace kwamfuta da wannan lambar, sau ɗaya ke nan.

Inda na fi ganin mutane na tuntuɓe shi ne MAC ɗin. Firinta mai ramin kebul da kuma Wi-Fi tana da guda biyu daban, kuma wanda ke kan takardar bayanta ba lallai ne ya zama wanda take aiki da shi ba. Ka kwafo shi daga jerin DHCP Client List tana haɗe. Alamar kuskure ita ce ka ga ta tashi da wata lamba ba wadda ka ware ba.

Raunin warewa ɗaya ne: in aka danna Reset, ko ka sayi sabuwar rauta, jerin ya tafi. Ka rubuta MAC da adireshin a takarda ka manna a gefen firinta. Sa lamba da hannu a jikin firinta sai in rautarka ba ta da wurin warewa, kamar wasu ƙananan na aljihu.